Bambancin koin da tokin, da yadda za ka ƙirƙiri tokin naka a kan Ethereum

Mutum zai buɗe walet ɗinsa ya ga yana da USDT ɗari biyar, wato kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka, ya tashi tura hamsin ga wani, sai walet ɗin ya ƙi, ya ce ba shi da isasshen ETH na biyan gas, wato ladan aikin turawar. Sai ya rasa gane kan zancen: ga kuɗi a fili yana kallo, me ya kawo maganar ETH? Wannan cikas ɗin shi ne hanya mafi sauƙi ta fahimtar bambancin koin da tokin, kuma a ƙarshen aikin da za mu yi za ka jawo shi da hannunka don ka ga inda yake fitowa.

Koin shi ne kuɗin da aka gina bulokcen da shi tun daga tushe, bulokcen kuwa shi ne rumbun bayanan hada-hada da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da shi tare. Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, yana da BTC. Ethereum, wanda aka ƙaddamar a 2015, yana da ETH. Dokokin bulokcen ɗin kansa su ne ke faɗin yadda ake samar da sabon koin da wanda za a ba shi, kuma da shi ake biyan masu tabbatar da hada-hada ladan aikinsu. Duk wanda zai rubuta wani abu a kan Ethereum, komai ƙanƙantarsa, da ETH zai biya.

Tokin kuwa ba shi da bulokcen nasa, ɗan haya ne a gidan wani. Idan ka tone shi, ba komai ba ne illa ƙaramar manhaja da aka ajiye a kan bulokcen, wadda ake kira kwantiragi, a cikinta akwai littafin lissafi mai layi biyu: adireshi a gefe guda, adadin da yake da shi a ɗaya gefen. Idan aka ce an tura maka tokin, babu abin da ya taso ya shigo walet ɗinka. Kwantiragin ne ya rage lamba a gaban adireshin mai turawa, ya ƙara a gaban naka. Walet ɗinka yana zuwa ne ya tambayi kwantiragin nawa aka rubuta maka, ya nuna maka amsar. Kuma tunda sauya lamba a littafin nan rubutu ne a kan Ethereum, dole a biya mai gida da kuɗinsa. Dalilin ke nan mai USDT ya maƙale da ba shi da ETH.

Wannan matsayi yana iya sauyawa. BNB ya fara ne a 2017 a matsayin tokin a kan Ethereum, sai a 2019 ya koma bulokcen nasa ya zama koin. Sannan tokin mai suna ɗaya yana iya zama a gidaje da yawa: akwai USDT a kan Ethereum, akwai a kan Tron, kuma kowanne kwantiraginsa daban, littafinsa daban. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi a kan kowace kadara ita ce: tana da adireshin kwantiragi? In tana da shi, tokin ce. ETH a kan Ethereum ba shi da adireshin kwantiragi, domin shi ne ɗan gida.

Abin da ya sa walet guda yake iya nuna dubban tokin ba tare da an koya masa kowanne ba shi ne ƙa'idar ERC-20, wadda Fabian Vogelsteller ya gabatar a watan Nuwamba 2015. Ƙa'idar ta ce kowane kwantiragin tokin ya amsa kira guda shida da sunaye iri ɗaya. Uku daga ciki za mu taɓa: `totalSupply` mai faɗin jimillar tokin da ke akwai, `balanceOf` mai faɗin abin da adireshi yake da shi, da `transfer` mai turawa. Ragowar ukun, `approve` da `allowance` da `transferFrom`, na ba wa wani izinin kashe tokin ɗinka ne a madadinka.

Shiri kafin a taɓa kod

Kana buƙatar kwamfuta mai burawuza, da walet na MetaMask a cikin burawuzar. Shawarata ka buɗe sabon walet dungurungum domin wannan gwaji, kada ka yi amfani da wanda kake ajiye kuɗinka. Mai koyo yana danna amincewa sau da yawa ba tare da ya karanta ba, kuma gara wannan ɗabi'ar ta faɗa kan walet da babu komai a ciki. Kalmomi goma sha biyun da zai ba ka, waɗanda su ne mabuɗin walet ɗin, ka rubuta su a takarda. Babu wani mataki a aikin nan da zai nemi ka shigar da su a wani shafi. Duk shafin da ya tambaye su, ɓarawo ne.

Ba za mu yi aiki a kan ainihin Ethereum ba tukuna. Akwai netwok na gwaji mai suna Sepolia, wanda yake aiki kamar na gaske amma ETH ɗinsa ba shi da daraja. A cikin MetaMask, buɗe jerin netwok, kunna `Show test networks`, ka zaɓi Sepolia. Lambar shaidarsa ita ce `11155111`, ta ainihin Ethereum kuwa `1`. Sai ka kwafi adireshinka, wanda ya fara da `0x`, ka nemi shafin da ke raba ETH na gwaji kyauta. Rubuta `Sepolia faucet` a wurin bincike. Wasu shafukan sai ka yi rajista, wasu kuma suna son su ga ɗan ETH na gaske a adireshin kafin su ba ka, don haka in ɗaya ya ƙi ka gwada wani. Kada ka biya kowa kuɗi don ETH na gwaji. In ka samu 0.05, yawanci ya isa aikin har da ragowa.

Abu na ƙarshe, a cikin MetaMask ɗin ka ƙara asusu na biyu, ka bar shi fanko. Shi zai zama abokin da za mu tura wa tokin.

Rubuta kwantiragin

Shiga `remix.ethereum.org`. Remix wuri ne na rubuta kwantiragi da harshen Solidity a cikin burawuza, ba sai ka sauke komai ba. Ka duba adireshin shafin da kyau, domin akwai na bogi masu kama da shi. A ɓangaren fayiloli ka ƙirƙiri sabon fayil mai suna `Tauraro.sol`, ka rubuta wannan:

```solidity
// SPDX-License-Identifier: MIT
pragma solidity ^0.8.20;

import "@openzeppelin/contracts@5.0.2/token/ERC20/ERC20.sol";

contract Tauraro is ERC20 {
    constructor() ERC20("Tauraro", "TRR") {
        _mint(msg.sender, 1000000 * 10 ** decimals());
    }
}
```

Shi ke nan tokin ɗin gaba ɗaya. Gajartarsa ta samo asali ne daga layin `import`, wanda ya jawo kwantiragin ERC-20 na OpenZeppelin, kod da aka daɗe ana amfani da shi ana kuma bincikarsa. Littafin lissafin da kiraye-kiraye shidan duk suna can, mu gado kawai muka ci ta hanyar rubuta `is ERC20`. Ba na ba sabon shiga shawarar ya rubuta nasa daga farko, ko ya kwafo kod daga inda bai sani ba. Kuskure ɗaya a lissafin ragi da ƙari ya isa wani ya buga wa kansa tokin ba iyaka.

`constructor` yana gudana sau ɗaya tak, a lokacin da ake ɗora kwantiragin. A nan muka ba shi suna Tauraro da alama TRR, sannan `_mint` ya rubuta miliyan ɗaya a gaban `msg.sender`, wato adireshin da ya ɗora kwantiragin, kai ke nan. Bayan wannan babu wata ƙofa ta ƙara tokin. Ko kai da ka ƙirƙire shi ba ka iya ƙara ko ɗaya.

Wurin da ya fi kayar da mutane shi ne `10 ** decimals()`. Kwantiragi bai san rabi ko kwata ba, cikakkun lambobi kaɗai yake ajiyewa. To ta yaya za a tura rabin tokin? Dabarar ita ce a ƙirga da ƙananan ɓarɓashi, sannan a gaya wa walet inda zai sa ɗigo. A kod ɗin OpenZeppelin `decimals` 18 ne in ba ka sauya ba, ma'ana tokin ɗaya a idon mutum shi ne 1 da sifili 18 a littafin. Miliyan ɗayanmu kuwa 1 ne da sifili 24. Da za ka manta ka rubuta `1000000` kawai, kwantiragin zai hau lafiya lau, amma walet zai nuna maka abin da bai kai ko ƙurar tokin ɗaya ba. Kuma 18 ba wajibi ba ne: USDT da USDC a kan Ethereum 6 suke amfani da shi.

Yanzu ka shiga ɓangaren `Solidity Compiler` a gefen hagu. Zaɓi siga 0.8.20 ko wadda ta fi ta a jerin 0.8, ka danna `Compile Tauraro.sol`. In alamar kore ta fito, kod ɗin ya wuce. In ja ya fito, ka karanta lambar layin da ya ambata. Sau da yawa alamar `;` ce ta ɓace, ko kuma sigar da aka zaɓa ta gaza 0.8.20. Ka rubuta cikakkiyar lambar sigar a gefe, da kuma ko `Enable optimization` a kunne yake ko a kashe. Za ka buƙace su nan gaba.

Gwaji a cikin Remix, sannan ɗorawa

Kafin ka kashe ko ETH na gwaji, shiga `Deploy & Run Transactions`, ka bar `Environment` a kan `Remix VM`. Wannan bulokcen ne na wasa da ke cikin burawuzarka, mai asusu da yawa, kowanne da ETH 100 na ƙarya. Tabbatar akwatin `Contract` yana nuna `Tauraro`, ba `ERC20` ko wani daga cikin fayilolin da aka jawo ba, sai ka danna `Deploy`. Kwantiragin zai bayyana a ƙasa da maɓallansa. Masu launin shuɗi karatu kawai suke yi, ba sa cin gas. Masu ruwan lemo rubutu suke yi, su ne ake biya. Danna `totalSupply`, ka ƙirga sifilin: in 24 ne, lissafinka daidai yake.

Sai na gaske. Sauya `Environment` zuwa zaɓin da ke haɗa Remix da walet ɗin burawuza, wanda aka fi sani da `Injected Provider - MetaMask`, ko da yake sunan yana ɗan sauyawa daga siga zuwa siga. MetaMask zai nemi izinin haɗawa. Kafin ka danna komai, ka tsaya ka duba abu biyu: Remix yana nuna Sepolia da lamba `11155111`, kuma adireshin da ke akwatin `Account` shi ne asusunka na farko mai ETH na gwaji. In ka ga `1` a wurin lambar netwok, kana kan ainihin Ethereum, kuma kuɗin gaske za a cire.

Danna `Deploy`. MetaMask zai fito da kiyasin gas, ka amince. Ethereum yana fitar da sabon bulok kusan kowane daƙiƙa 12, don haka cikin ƙasa da minti ɗaya yawanci za ka ga saƙon nasara. Kwafi adireshin kwantiragin daga ƙarƙashin `Deployed Contracts`, ka adana shi. Wannan adireshin shi ne tokin ɗin. Sunan Tauraro ba mallakarka ba ne, babu ofishin da ke rajistar suna, kuma gobe wani zai iya ɗora nasa Tauraro mai alama TRR, kamar yadda kowa zai iya ɗora kwantiragi ya kira shi USDT. Adireshi ne kaɗai ba a iya kwaikwaya.

In ka koma MetaMask ba za ka ga tokin ɗin ba, kada hankalinka ya tashi. Walet bai san akwai wani sabon littafi da sunanka a ciki ba sai ka nuna masa. Danna `Import tokens`, liƙa adireshin kwantiragin, alamar TRR da lamba 18 za su cika da kansu, sai miliyan ɗayanka ya bayyana.

Tura 250, da ganin bambancin da idonka

Bari mu tura TRR 250 zuwa asusu na biyu, kuma ta Remix za mu yi don ka ga ainihin lambar. Buɗe `transfer`, a akwatin farko ka sa adireshin asusu na biyu, a na biyu ka rubuta 250 da sifili 18 a bayansa:

```
250000000000000000000
```

Amince a MetaMask. Bayan ya wuce, sa adireshin asusu na biyu a `balanceOf`, za ka ga wannan lambar. Naka kuma ya koma daidai da TRR 999,750. Duba ETH ɗinka ma, ya ɗan ragu, ko da yake ba ETH ka tura ba. Tura ETH zalla yana cin gas 21,000. Tura tokin ya fi haka, yakan kai wajen 50,000 in mai karɓa bai taɓa riƙe tokin ɗin ba, domin sai an gudanar da kod an kuma buɗe masa sabon layi a littafin.

Yanzu koma asusu na biyu a MetaMask, shigar da tokin ɗin kamar ɗazu, ka yi ƙoƙarin mayar da TRR 10 zuwa asusun farko. Ba zai tafi ba. Asusun yana da TRR 250 amma ba shi da ETH ko kaɗan, kuma Ethereum ba ya karɓar TRR a matsayin lada. Tura masa ETH 0.005 na gwaji daga asusun farko, ka sake gwadawa, zai wuce.

Akwai kuskure guda da nake so ka sani tun a nan, domin ba shi da magani. In ka liƙa adireshin kwantiragin kansa a wurin mai karɓa, `transfer` ba zai hana ka ba. Zai rubuta tokin ɗin a gaban kwantiragin, shi kuwa kwantiragin ba shi da hanyar fitar da su, sun tafi ke nan har abada. In kuwa ka nemi tura fiye da abin da kake da shi, zai ƙi da saƙon `ERC20InsufficientBalance`, wannan ba asara ba ce mai yawa. Mai haɗarin shi ne wanda yake wucewa shiru.

Bayyana kod ɗin ga jama'a

Shiga `sepolia.etherscan.io`, shafin Etherscan mai nuna duk abin da ke kan bulokcen, liƙa adireshin kwantiragin. Za ka ga ɗorawar da turawar da ka yi, amma a ƙarƙashin `Contract` sai tarin lambobi da haruffa da mutum ba ya iya karantawa. Domin mutane su ga abin da ka rubuta, koma Remix, danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, zaɓi `Flatten`. Zai haɗe kod ɗinka da na OpenZeppelin a fayil guda. A Etherscan danna `Verify and Publish`, zaɓi `Solidity (Single file)`, saka sigar da ka rubuta a gefe ɗazu da lasisin MIT, ka liƙa kod ɗin. Etherscan zai sake sarrafa shi ya gwada da abin da ke kan bulokcen. In ya ce ba su dace ba, kusan kullum siga ce ta bambanta ko saitin `optimization`.

Wannan matakin yana da nauyi saboda abin da layi kaɗan ke iya sauyawa. Da mun jawo `Ownable` na OpenZeppelin, muka naɗa kanmu masu kwantiragin, muka ƙara wannan:

```solidity
function mint(address to, uint256 amount) external onlyOwner {
    _mint(to, amount);
}
```

da tokin ɗin ya zama wani abu daban. A walet kamanninsa ɗaya, amma mai riƙe da mabuɗin `owner` yana iya buga biliyan a dare ɗaya. Irin wannan iko ba lallai mugunta ba ne. Masu fitar da USDT da USDC suna ƙara tokin suna ragewa, har suna iya daskarar da adireshi, kuma tsarinsu a kan haka aka gina shi. Amma wanda zai karɓi tokin ɗinka yana da haƙƙin sanin ko kana da wannan iko. Kai ma in za ka karɓi na wani, ka buɗe `Contract` ka nemi `mint` da `owner` da `pause`, da duk wani sharaɗi da aka cusa a cikin turawa wanda zai iya hana wasu adireshi sayarwa. Ka kuma tuna kwantiragi irin namu ba ya gyaruwa bayan ɗorawa. In ka yi kuskure a suna ko adadi, sai dai ka ɗora sabo mai sabon adireshi.

In za ka kai shi netwok na gaske

Matakan ba su sauya ba, netwok kawai za ka sauya a MetaMask. Kuɗin shi ne adadin gas sau farashin gas na wannan lokacin, wanda ake aunawa da gwei, kashi ɗaya cikin biliyan na ETH. A ce ɗorawar ta ci gas 900,000 kuma farashi gwei 10 ne, za ka biya ETH 0.009. In cunkoso ya kai farashin gwei 50, aikin nan dai zai ci ETH 0.045. Ainihin gas ɗin da naka ya ci yana nan a shafin ɗorawarka ta Sepolia, ka ɗauko shi ka yi lissafi da shi. Kod ɗin nan kuma yana hawa kan BNB Smart Chain da Polygon da Base da Arbitrum ba tare da an sauya harafi ba, sai dai kowanne da koin ɗin da yake karɓa: BNB Smart Chain da BNB ake biya, Base da Arbitrum da ETH. Solana kuwa tsarinta daban ne, wannan kod ba ya aiki a can.

Tokin ɗin zai hau ba shi da farashi. Farashi yana samuwa ne in wani ya zuba tokin ɗin tare da wata kadara a rumbun musaya irin na Uniswap. A ce ka zuba TRR 100,000 da ETH 1. Farashin TRR ɗaya ya zama ETH 0.00001, kuma in aka ninka da miliyan ɗaya sai a ce darajar tokin ɗin gaba ɗaya ETH 10 ce, alhali ETH 1 kaɗai ke cikin rumbun. A rumbu mai sauƙin tsari, adadin TRR sau adadin ETH ba ya sauyawa, a nan 100,000 ne. Da za a juye ragowar TRR 900,000 a ciki, TRR ɗin rumbun ya zama miliyan ɗaya, ETH ɗinsa ya sauka zuwa 0.1. Mai sayarwar ya fita da ETH 0.9, kafin a cire kuɗin musaya, ba 9 da lissafin farko ya nuna ba, farashin kuma ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na yadda yake. Duk wanda ya sayi TRR kafin wannan juyewar, shi zai kwana da asarar. Shi ya sa kafin ka sayar wa kowa da tokin ɗinka sai ka san abin da dokar ƙasarka ta ce a kan tara kuɗin jama'a ta wannan hanya, ka kuma bayyana musu nawa ka riƙe a hannunka. Ko ba ka faɗa ba, shafin `Holders` na tokin ɗin a Etherscan yana jera adireshin da suka fi riƙe shi, da kason kowanne cikin ɗari.